Hoton Da Ya Ƙosar Da Tungar Kawu Idi

Duk Illela Lawwali Mai Hoto ake ce masa. Ni ban taɓa kama sunan ba sai yau da nake ba da labari, don mijina ne, Malam nake ce masa har ya bar duniya. Sunana Lubabatu. Ni ce mai wanke masa hotuna a tsakar gida, har farcena ya rine ya ƙi komawa fari. Saboda haka in na yi magana a kan aikinsa, na san abin da nake faɗa, da hannuna na taɓa.

Mutum ne siriri, mai shiru, mai taurin kai irin na masu shiru. Maraya ya tashi. Ƙanen uwarsa, Kawu Idi, shi ya rene shi a wata 'yar tunga bayan Tozai. Ya fara aikin hoto a Birnin Konni, nan ƙetaren iyaka, sannan ya yi shekaru a Yamai wajen wani mai wankin hoto. Can ne silima ta shiga kansa. Ba labarin fim ɗin yake kallo ba, shi launi yake kallo. Yakan ce a majigi hasken la'asar ba ya ƙarewa, fuskar kowa tana da ɗumi, inuwa kuwa tana da wani sanyi-sanyi mai shuɗi. Da ya dawo gida ya buɗe shago kusa da kasuwa, sai ya ɗaura aniyar sai ya sa wannan la'asar a kan takardar hoto mai baƙi da fari.

Ya kuwa iya, wannan ba a ƙwace masa. A bangon ɗakin duhunsa akwai wani layi da ya zana da alli, ya taso daga ƙasa a kwance, ya miƙe sama, ya sake kwantawa, kamar wuyan raƙumi. Lanƙwasa yake ce masa. Ƙarshensa guda farin hoto ne, ɗaya ƙarshen baƙi ne, tsakiya kuwa nan fatar mutum take zama. In layin ya miƙe tsaye, hoto ya yi tsauri, fari ya yi fat, baƙi ya yi ƙirin, duk wani rami da ke fuskarka ya fito. In ya kwanta, hoto ya yi laushi, inuwa ta buɗe. Da wasu gilasai masu lamba yake juya shi, waɗanda yake sakawa ƙarƙashin fitilar injin faɗaɗa hoto. Mai ruwan ɗorawa yana kwantar da layin, mai jaja-jaja yana miƙar da shi. Wani lokaci kuma sai ya ɗan haska takardar da ƙyaftawar fitila kafin ya sa hoton, don kada wuraren haske su ƙone su zama fari fayau.

Wannan rabin aiki ke nan. Sauran rabin a tsakar gida ake yi da rana, a farantai uku, nan ne nake shigowa. Na farko ruwan magani ne rawaya, wanda ke cin hoto. Daga wuraren haske yake fara ci, sannan ya gangaro tsakiya, baƙi ne na ƙarshe. Sai mutum ya tsaya a kai, ya fizge takardar kafin cin ya kai ga inuwa. In na ɗauraye, sai a sa a faranti na biyu mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Duk inda maganin farko ya ci, sai ya dawo da launin zuma. Saboda warin nan maƙwabta sun sha yi mini habaici, shi kuma ba ya bari a buɗe kwalbar kusa da ɗakin duhu, don tururin yana ɓata sabuwar takarda. Faranti na uku shuɗi ne, yana kama inuwar da aka bari. Tsomawa kaɗan ake yi. Kuma ba a daɗe ana ɗaurayewa, don ruwan rijiyarmu yana da ɗan kanwa-kanwa, in aka jima sai ya wanke shuɗin tas.

Sakamakon kuwa, in ka ga hoton sai ka ji kana son mutumin da ke ciki ko da maƙiyinka ne. Direbobin manyan motoci, masu canjin sefa, angwaye daga Araba da Darna, kowa so yake a yi masa "na silima". Wani mahauci mai fuska kamar an taka tukunya ya karɓi nasa, ya daɗe yana kallo, ya tambayi Malam ko dai an musanya. Muna cikin rufin asiri a lokacin, ban taɓa kwana da tunanin tukunyar gobe ba.

Sai shekarar tamanin da huɗu ta zo. Aka rufe iyaka, takardar hoto da magunguna da yake samowa ta Konni suka yanke. Ruwan sama kuma ya yi mana rowa. Gero ya tashi iya gwiwa, wani ya fid da kai, amma in ka murza zangarniya ba ko ƙwaya, sai ƙaiƙayi. Kafin a ce kaka ta yi, mutanen ƙauye sun fara shigowa gari da tabarmi a ka.

A wannan hali ne Kawu Idi ya zo shago. Na leƙo na gaishe shi, na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce wata ƙungiyar attajirai a Sakkwato ta tara hatsi za ta raba wa ƙauyuka. Amma ƙauyukan sun fi buhunan yawa, su kuma manyan ba za su iya zagaya ko'ina ba, don haka suka ce kowace tunga ta aiko da hoto guda na gona da mutane, su duba su ga wa ya fi shiga uku. Ranar Alhamis za su zauna.

"Kai ad ɗanmu," in ji Kawu Idi. "Kai ka iya. In hatsin ga bai zo ba, tunga ta tashi, ba mu kai damina."

Malam ya ce, "Kawu, in Allah ya so hoton tungarmu shi za a fara ɗauka cikin tulin."

Washegari ya hau keke ya tafi. Abin da ya tarar, shi ya ba ni labari da bakinsa. Mutanenmu ba sa tsayawa gaban mai hoto da tsumma, wannan kowa ya sani. Da aka ce mai hoto na zuwa, sai kowa ya buɗe adaka. Maza suka sa rigunan Salla, mata suka ɗaura zannuwan da suka rage ba a sayar ba, aka shafa wa yara ɗan man da ya saura a gindin kwalba. Hadijatu, ɗiyar Kawu Idi, ta sa wa jinjirinta hular saƙa don a rufe kan da gashinsa ya yi ja ya kakkaɓe. Wa zai ce musu su tuɓe? Shi Malam bai iya ba, ga Kawu Idi a cikinsu, kawunsa ne, gyatuminsa ne da ya rene shi. Ya jera su a bakin gona, ya jira rana ta yi sanyi kamar yadda ya saba, hasken ya biyo ta bayan karan geron, ya ɗauka.

Babbar takarda biyu kacal ta rage masa a kwali. Ta farko ya buga ta da gilashi mai jaja-jaja, layin a miƙe, bai sa mata launi ba. Da ya fito da ita na sa a ruwa, na duba. Rigar Salla ba ta ɓoye komai ba. Idanun Kawu Idi sun faɗa cikin ramuka biyu baƙaƙe. Ƙasusuwan wuyan Hadijatu sun fito, hannun jinjirin kamar sillen kara. Geron da ke bayansu fari fat, tsirara, tsakaninsa yashi. Ko wanda bai taɓa noma ba ya san wannan gona ta mutu.

Na ce, "Malam, shi ke nan, wanga za a kai."

Ya tsaya a kan farantin ya daɗe, sannan ya ce, "Luba, in kai Kawu gaban manyan mutane haka? A aza shi bisa tebur ana nuna haƙarƙarinai da biro?"

"Haƙarƙarin su ka son gani. Shi aka ce a kawo."

"Hotuna za su taru da yawa, duk iri ɗaya, duk baƙi da fari. Wanda yaf fi kyau shi ido ka tsayawa kai. Ni na san ido."

Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce masa ba gasar kyau aka kira ba, roƙo za a je, kuma mai roƙo ba ya zuwa da rawani mai sitaci. Na faɗa da ƙarfi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Shi kuwa ya ce min ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, akwai abin da ba a fallasawa. Ya ce zai ɗan tausasa ne kawai, yunwar tana nan, mai ido zai gani. Ya shiga ɗakin duhu ya ja ƙofa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na san in ya ja ƙofar nan ko iyayensa suka tashi daga kabari ba zai buɗe ba.

Takarda ta biyu da gilashi mai ruwan ɗorawa ya buga ta. Ya kwantar da layin. Ya yi mata ƙyaftawar fitilar nan, don haka sararin sama da karan gero ba su yi fari fat ba, suka ɗauki ɗan toka-toka mai laushi. Bai bar baƙi ya kai ƙarshensa ba, saboda ya san shuɗi yana ƙara wa inuwa nauyi. Wannan ne ya ɗago fuskoki daga duhu ya kawo su tsakiya. Ramukan idon Kawu Idi suka cike. Ƙasusuwan Hadijatu suka narke cikin fata.

Sannan muka fito tsakar gida. Ya bar takardar a maganin rawaya fiye da yadda ya saba, don cin ya wuce sama da gero ya kai ga fatar mutane. In ba a yi haka ba, baƙar fata sai ta tafi tare da inuwa ta yi shuɗi, mutum ya fito kamar gawa. Na ɗauraye. Ya sa a mai wari. Ina tsaye ina kallo launin ya taso, geron nan matacce ya koma ruwan zinariya, kowace zangarniya da hasken rana a gefenta kamar ta nuna ta sunkuya. Fuskoki suka yi ja-ja-ja irin na wanda ya ci ya sha ya yi wanka. Ya tsoma a shuɗi sau ɗaya ya cire, ƙarƙashin bishiya da ninkin riguna suka yi sanyi, sai ɗumin sauran ya ƙara fitowa.

Wallahi ban taɓa ganin hoto mai kyau irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Na tsane shi tun yana jiƙe.

Na sake cewa a haɗa da na farkon. Ya ce guda aka ce. Ya naɗe shi a tsakanin kwali biyu, ya ba Kawu Idi. Tsohon ya buɗe a ƙofar shago, ya yi murmushi, ya ce, "Ashe haka muke?" Ya ji daɗi, Allah ya sani, ya ji daɗi. Ya kai wa wakilin ƙungiyar da ke karɓa a tasha.

Bayan kwanaki motocin hatsi suka iso. Muka ji an sauke nan, an sauke can. Ba wadda ta nufi hanyar tungar. Malam ya bi wakilin har gida. Mutumin ya gaya masa cewa lalle hoton shi aka fara ɗauka cikin tulin, har ya zaga hannu-hannu. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ma'aruf, ya ce masha Allah, ga wasu Allah ya tsallakar da su, a ajiye su gefe a duba mabukata.

Malam bai ci abinci ba ranar. Da asuba ya ɗauki hoton farko, mai tsaurin, ya shiga motar Sakkwato. Maganar da zan faɗa na riga na faɗe ta, maimaitawa sai cin fuska.

Ya sami Alhaji Ma'aruf a zaurensa. Ba mugun mutum ba ne, dattijo ne mai sauraro, kuma akwai sauran buhuna da aka keɓe don inda aka yi kuskure. Hoton zinariyar ma yana nan jingine a zauren, ya riƙe shi don ya burge shi. Malam ya ajiye na farkon kusa da shi. Alhaji ya sa tabarau, ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Yaushe kaɗ ɗauki wanga na biyu?"

"Ranka ya daɗe, ɗauka guda ce. Fim guda ne. Wanki ne daban."

Sai ya shiga yi masa bayani, shi da ba ya magana. Ya gaya masa lanƙwasa, ya gaya masa gilasai, ya gaya masa yadda ake miƙar da layi ramukan fuska su zurfafa, a kwantar da shi su cike. Yana tsammanin yana wanke kansa ne. Alhaji ya bari ya gama, sannan ya cire tabarau.

"To, Malam Lawwali, in na fahimce ka, kai kaka zaɓen yadda mutum ka fitowa. In ka so ka ƙosar da shi, in ka so ka ramar da shi."

"Haka ne, amma wanga mai baƙi shi ag gaskiya."

"Da mi zan sani? Hannun da ya maida yunwa kaka, shina iya maida kaka yunwa. Hatsin ga amana ce ta mutane, akwai tungayen da hotonsu guda ne kuma ba mai jayayya a kai. In na ba ku bisa wanga, gobe kowa ya sami mai hoto irinka."

Malam ya roƙi a tura mutum ya gani da ido. Alhaji ya ce zai duba, in an sami mota da mai zuwa. Ba a samu ba. Sauran buhunan suka tafi inda ba a yi musu gardama. Da zai fito, Alhaji ya miƙo masa hotunan duka biyu, ya ce ba ya son ko ɗaya a gidansa.

Mun yi abin da za mu iya. Malam ya sayar da keke da janareta, ya sayi hatsi ya aika, amma me buhu ɗaya ko biyu zai yi wa tunga guda? Tun daga lokacin bai sake buɗe kwalbar mai wari ba. Ya koma ɗaukar ƙananan hotunan fasfo, baƙi da fari, a tsaya a bango a kalli gaba. Masu neman na silima suka yi ta zuwa yana cewa magani ya ƙare, alhali kwalaben suna nan ƙarƙashin gado, ni nake share ƙurarsu. Haka ya rayu har ciwon ƙirji ya ɗauke shi bayan wasu shekaru. Ban yafe masa taurin kan nan da wuri ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ga yadda abin ya cinye shi, kuma ban taɓa ganin wanda ya biya kunya da tsada irin tasa ba.

Jinjirin Hadijatu ya rasu kafin sanyi ya wuce. Ita ma ba ta daɗe ba ta bi shi, zawo ya same ta ba ƙarfin da zai tare. Tsofaffi biyu suka tafi a wata guda. Daga nan tunga ta watse, wasu suka yi kudu, wasu suka shigo gari gidajen dangi, aka bar rumbuna a buɗe.

Ranar da Kawu Idi zai tafi, ya biyo ta gidanmu da hantsi. Motar itace ce za ta kai su wajen Kwantagora, inda wani ɗansa ke ƙwadago. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwa. Malam ya durƙusa gabansa ya kasa ɗaga kai. Ya fara cewa, "Kawu, ni na..." sai tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Ba wannan ta kawo ni ba. Hoton nika so. Ba ni da komi na Hadijatu."

Malam ya shiga ciki ya fito da su duka biyu, ya shimfiɗa a tabarma. Ya tura mai baƙin gaba, ya ce wannan ne ya kamata a kai tun farko. Kawu Idi ya dube shi sau ɗaya, ya kifa shi a kan tabarma.

"Wanga na gan shi da idona, har na sa shi cikin rami. Ba ni wancan."

Ya ɗauki na zinariyar, ya kai shi kusa da fuska don idonsa ya yi rauni. Ya daɗe a wurin da Hadijatu take tsaye da goyonta a hannu, kumatunta a cike, geron ya nuna a bayanta. Ya ce da ni, "Ɗiyata, samo min tsumma mai tsabta." Na yage gefen sabon zanena na ba shi. Ya naɗe hoton, ya sa shi cikin riga, ya tashi da ƙyar yana dafa bango. A bakin ƙofa ya juyo ya dubi Malam, wanda har lokacin yana durƙushe.

"Ka iya aiki, ɗana," in ji shi. "Allah shi yi maka albarka."

Direba ya yi oda a bakin hanya, tsohon ya tafi. Malam bai tashi daga wurin ba har aka kira azahar.